Kafin ki sayar da tunkiyarki don a sama wa yaro aikin gwamnati

'Yar'uwa, idan kina da ɗa ko 'ya da suka gama makaranta suna zaune a gida, na san wayarki ba ta rabuwa da saƙon "an buɗe ɗaukar ma'aikata". Daga zauren WhatsApp na dangi zai shigo, ko na Islamiyya, da tambarin gwamnati kore shar a samansa. Wadda ta turo miki ba da mugun nufi ta yi ba, ita ma turo mata aka yi. Amma ke ce za a zo wa da maganar kuɗin fom, kuma sau da yawa kuɗin adashinki ko tunkiyar da kike kiwo ne ke tafiya. Shi ya sa nake ganin bai kamata ki bar wa yaro shi kaɗai duba sanarwar ba.

Bari mu ɗauki wadda 'yan damfara suka fi kwaikwayo, wato ɗaukar ma'aikata a hukumomin shige da fice, Sibil Difens, kashe gobara da gidajen gyaran hali. Su huɗun nan hukuma ɗaya ce ke ɗaukar musu ma'aikata, ana kiran ta CDCFIB, kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. A ɗaukar 2025, a wannan adireshin aka cike fom:

```
recruitment.cdcfib.gov.ng
```

Dubi ƙarshensa da kyau. Adireshin intanet daga ƙarshe ake gane mai shi. Wutsiyar `.gov.ng` ta hukumomin gwamnatin Najeriya ce, ba a sayar da ita ga kowa. Amma mayaudari yana iya saka waɗannan haruffan a tsakiyar nasa adireshin, ya rubuta abu kamar `cdcfib.gov.ng.misali.com`. Ido zai ga sunan hukuma ya natsu, alhali shafin na mai `misali.com` ne. Don haka ki nemi sandar nan mai karkata (/) ta farko da ta biyo bayan sunan shafin, ki karanta abin da ke dab da ita ta hagu. In ba `.gov.ng` ba ne, ki rufe. Ni dai abin da na fi amincewa da shi, kada ma a danna abin da aka turo. Yaro ya rubuta adireshin hukumar da hannunsa, ya ga ko sanarwar tana can.

Sannan ki tambayi kanki: aikin da za a ɗauki dubban mutane, yaya za a yi rediyo bai faɗa ba, jarida ba ta buga ba, sai ƙanwar maƙwabciyarki kaɗai ta ji? Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa ita ce a tallata guraben aiki a manyan jaridu don kowace jiha ta sani. Sanarwar da ta ce "tura wa mutum goma sha biyar kafin fom ɗinka ya buɗe" kuwa, ba sai an tsaya bincike ba.

To, a ce sanarwar ta gaskiya ce. Saura tambaya ta biyu, wadda iyaye suka fi tsallakewa: shin yaron ya cika sharuɗɗan? A waccan ɗaukar an ce shekaru daga 18 zuwa 35, tsayin namiji kada ya gaza mita 1.65, na mace mita 1.60, kuma namiji faɗin ƙirjinsa ya kai mita 0.87. An kuma kasa guraben bisa takardar karatu: masu digiri ko babbar difloma matakinsu daban, masu NCE ko ƙaramar difloma daban, masu sakamakon sakandare daban. Hukuma ɗaya tak ake zaɓa cikin huɗun, wanda ya cike sau biyu ya soke kansa.

Mu ƙaddara 'yarki tana da shekara 24, ta gama NCE, tana son aikin shige da fice. Shekarunta sun yi, takardarta ta yi. Ɗauko tef ɗin ɗinki, ta tsaya jikin bango ba takalmi, ba ɗaurin ɗankwali mai tudu. Idan kika samu santimita 158, to ta gaza da santimita biyu. Tana iya rubuta 160 a fom, kwamfuta ba za ta musa ba, ta yi jarrabawa har ta ci. Amma ranar tantancewa mutum ne zai auna ta, bayan kin kashe kuɗin mota da na masauki. Gara ku sani yau, ta nemi aikin da ba ya duba tsayi.

A ce kuma tsayinta ya kai. Shimfiɗa takardunta a kan tabarma: katin NIN, takardar haihuwa, sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin NCE, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Nan ne 'ya'yanmu da yawa ke faɗuwa ba tare da sun san dalili ba. A wata takardar Aisha Muhammad, a wata Aishatu Mohammed Sani. A NIN an haife ta 2001, a sakamakon sakandare 2003, saboda ranar rajista wani malami ya ƙiyasta. Mai tantancewa ba ruwansa da labarin yadda aka yi. Gyaran suna ko ranar haihuwa a NIN yana cin lokaci, ba a fara shi ranar da aka kira yaro, tun kafin a buɗe shafin ake yi.

Sanin matakan ma kariya ce, don mai damfara kullum tsallake su yake sayarwa. Ana fara cike fom a shafin, a buga takardar shaida a ajiye. Sai a fitar da sunayen waɗanda suka tsallake, kuma a shafin nan dai ake dubawa. Daga nan jarrabawa ta kwamfuta, sai tantance takardu da auna jiki ido da ido, da duba lafiya, kafin sunayen ƙarshe da horo. Abin yana ɗaukar watanni. A cikin wannan dogon jiran ne waya ke ƙara: "Hajiya, sunan yaronki ya fito, amma akwai wani babba da ke son ture shi, a kawo dubu ɗari uku a riƙe masa gurbin." Zai faɗi cikakken sunan yaron, har da hukumar da ya zaɓa, sai jikinki ya yi sanyi. Kada wannan ya ruɗe ki. Bayanan nan suna iya fita daga shagon intanet ɗin da aka cike fom, ko daga wani shafin bogi da yaron ya taɓa saka su. Shi ya sa lambar waya da adireshin imel da za a saka a fom su zama na yaron, kalmar sirri kuma kada a bar ta a hannun mai shago.

Hukumar ta faɗa a sanarwarta cewa neman aikin kyauta ne. Abin da za ki biya mai shago ladan bugawa ne, wannan daban. Amma kuɗin fom, kuɗin kaki, kuɗin "fitar da takardar kama aiki", musamman a asusun banki mai sunan mutum, babu ɗaya da ke cikin tsarin. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da aka miƙa wa takardar kama aiki mai hatimi alhali bai taɓa zama jarrabawa ba. Ya yi sallama da dangi, an yi masa addu'a, sai a ƙofar sansanin horo a ce babu sunansa, wani lokaci ma a tsare shi a kan takardar jabu.

Idan an riga an karɓi kuɗinki, kada kunya ta sa ki goge saƙonnin. Ajiye rasit ɗin tura kuɗin, da lambar asusun, da lambar da aka kira ki da ita. Ki je bankinki a ranar ki sanar da su, sannan ki kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. In kuwa mai karɓar ma'aikacin gwamnati ne da gaske, ICPC ce wurin zuwa.