Yadda "an", "kuma" da "wataƙila" suka kusa cinye min jarin Yaya

1/ Zangon karatun da ya wuce na ranci N90,000 a wajen Yayana na fara sayar da dambun nama a makaranta. Roba 40, kowace N3,000. Sai na sayar da 30 kafin kuɗinsa su fito. Sati guda cur, roba 4 kawai na sayar. Dambun lafiyarsa ƙalau, rubutun tallata ne ke da ciwo. Ku biyo ni ku ji.

2/ Ga abin da nake sakawa a Status ɗina na WhatsApp kullum, ban canza ko harafi ba:

"Assalamu alaikum jama'a, ana sanar da ku cewa an samu dambun nama mai daɗi wanda aka yi shi da nama mai kyau kuma aka haɗa shi cikin tsafta, wanda nake ganin wataƙila za ku ji daɗinsa, kuma farashinsa da ɗan sauƙi, kuma za a iya kawowa idan ana so, sai a yi magana in ba damuwa."

3/ A lokacin gani nake wannan shi ne ladabi. Mutum kusan 200 ke kallon Status ɗin a rana, amma shiru. Masu maganar ma tambayarsu ɗaya: "Nawa ne?" ko "Ke kike yi?" In na ba da amsa bayan awa uku saboda ina lacca, sun riga sun wuce wajen.

4/ Daren nan na kwana ina lissafi. Yaya kuɗin hayar shagonsa ya taɓa ya ba ni, da alkawarin zan mayar ƙarshen wata. Dambu kuma ba atamfa ba ne da za ka ajiye shekara. Ga robobi 36 a ƙarƙashin gado, ga zafi.

5/ 'Yar ɗakinmu ce ta karɓi wayata ta karanta tallar da ƙarfi. Kafin ta kai ƙarshe numfashinta ya yanke. Ta ce, "Ƙawata, wannan ai sanarwar cigiya ce. Wa ya samu dambun? Wa zai kawo? Ke kanki kin ce wataƙila, ni zan ba ki dubu uku a kan wataƙila?" Na ji haushi, amma gaskiya ta faɗa.

6/ Ciwo na farko shi ne ɓoye mai aiki. Ana, an, aka, za a, a yi. Ku ƙirga a tallar nan, sau 7 suka fito. Waɗannan kalmomin suna faɗin cewa abu ya faru ba tare da sun faɗi wanda ya yi ba. A gida da su muke nuna kunya: "An tashi lafiya?" "A kawo abinci?" Da su na taso, shi ya sa suka biyo ni har kasuwa.

7/ Amma mai saye zai tura kuɗinsa ne kafin ya ga kaya. Abin da yake nema shi ne mutumin da zai riƙe in abu ya lalace. "Za a kawo" ba ta da fuska. "Zan kawo miki" tana da mai ita. A abinci kuma abin ya fi tsanani, don "aka haɗa cikin tsafta" ba ta gaya wa kowa hannun wa ya taɓa naman ba.

8/ Gyaran mai sauƙi ne. Bayan kowane aiki a rubutunka, tambayi kanka: wa?
An samu dambu. Wa? Ni da Umma muka yi.
Aka yi da nama mai kyau. Wa ya sayo? Ni, a mahauta, ranar da za mu soya.
Za a kawo. Wa? Ni.
Amsar nan ita za ka rubuta. Ka ga ma amsar ta fi tsohuwar jimlar bayani.

9/ Haka ɓangaren mai saye. "Sai a yi magana" da wa nake? Da kowa, wato ba da kowa ba. Na mayar da ita "Turo min saƙo." Mutum shi kaɗai yake riƙe da wayarsa, to yi magana da shi shi kaɗai.

10/ Ba cewa na yi "an" haramun ce ba fa. Inda mai aikin ba shi da amfani, bar ta. "An rufe oda sai Litinin" daidai take, ba wanda ya damu da wa ya rufe. Wurin da za ka kore ta shi ne wurin alkawari: wa ya yi, wa zai kawo, wa zai mayar da kuɗi.

11/ Ciwo na biyu: doguwar jimla. Tallar nan kalma 56 ce, kuma jimla ɗaya ce tal. "Kuma" sau 3, "wanda" sau 2. Su ne igiyar da na ɗaure maganganu shida da ita: akwai dambu, naman mai kyau ne, da tsafta, zai yi daɗi, ga farashi, ga kawowa.

12/ Mai kallon Status yatsansa na kan allo, jira yake ya danna na gaba. In ka ba shi abu shida a dunƙule, ba zai ɗauki ko ɗaya ba. Abin takaicin ma, duk tsawon nan ban faɗi kuɗin ba, ban faɗi girman robar ba, ban faɗi ina nake kawowa ba.

13/ Gwajin da nake yi yanzu shi ne wanda 'yar ɗakinmu ta yi ba da niyya ba. Karanta da ƙarfi. Inda ka tsaya shan numfashi, sa aya. Sannan nemo kowace "kuma", "wanda" da "sannan", ka yanke a nan, ka duba ko gutsuren zai tsaya da ƙafarsa. In ya tsaya, jimla ce. In bai ce komai ba, goge shi.

14/ Bayan yankan sai jeri. Ni tambayoyin da ake turo min na bi, don su ne abin da tallar ta kasa amsawa: mene ne, nawa ne, yaushe kuma a ina, me zan yi in ina so. Kowace tambaya layinta. Sallama tana nan, amma "ana sanar da ku cewa" ta tafi, don kalma biyar ce da ba ta ɗauke da komai.

15/ Kada kuma a wuce gona da iri. Na taɓa gwada "Dambu. Daɗi. Tsafta. 3k." Kai ka ce da mutane nake faɗa. Gajeriyar jimla ma tana buƙatar mai aiki da aikin da ya yi. Ka yi ta kamar yadda za ka faɗa wa wanda ya tsaya a gabanka.

16/ Ciwo na uku: kalmomin ja da baya. Nake ganin, wataƙila, ɗan sauƙi, za a iya, in ba damuwa. Na sa su ne don kada a ce ina yabon kaina. Abin da mai karatu ya ji daban: mai kayan ma ba ta amince da kayanta ba.

17/ Goge su kawai ba ya isa. Kowace tana zaune ne a gurbin wani bayani da na ji nauyin faɗa.
"Da ɗan sauƙi" tana ɓoye N3,000.
"Za a iya kawowa" tana ɓoye rana da lokaci.
"Wataƙila za ku ji daɗinsa" tana ɓoye abin da ke ciki: naman sa zalla, yaji kaɗan.
Cire kalmar, ka sa bayanin a wurinta.

18/ Na san wani zai ce to "in sha Allahu" fa? Ita ban taɓa ta ba. Abin da na lura shi ne yadda muke fakewa da ita. "Za a kawo in sha Allahu" babu rana, babu mai kawowa, kowa ya san ma'anarta. "Zan kawo gobe ƙarfe 4 in sha Allahu" alkawari ne cikakke. Ba ita ce mai laifin ba, abin da ke gabanta ne babu komai.

19/ Ga sabuwar:

"Assalamu alaikum. Dambun naman sa, ni da Ummata muka soya a gida.
Nama zalla, yaji kaɗan.
Roba ɗaya N3,000.
Ina kawowa ɗakunan kwanan ɗalibai kullum, ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma, in sha Allahu.
Turo min saƙo da adadin da kake so da inda kake."

Hoton ma ban canza ba.

20/ Saƙonnin suka canza kala. Maimakon "nawa ne?" sai "biyu, ina bulok kaza." Wanda ya yi magana ya riga ya yanke shawara. Ta nan za ka gane ko gyaranka ya yi: in har ana tambayarka abin da ya kamata talla ta faɗa, da sauran aiki.

21/ Sai kuma na yi kuskure. Daɗin ciniki ya ɗebe ni na ƙara layi: "Yana wata uku bai lalace ba." Ban taɓa gwadawa ba, ji kawai na yi ana faɗa. Wata 'yar ajinmu ta saya ta ajiye a jaka cikin zafin nan, kafin sati uku man ya fara wari. Na mayar mata da kuɗinta, ga kunya.

22/ A nan na gane iyakar maganar. Shakka iri biyu ce. Akwai ta kunya, a kan abin da ka sani sarai, ita ake gogewa. Akwai ta gaskiya, a kan abin da ba ka tabbatar ba, ita kuma sharaɗi ake mayar da ita. Yanzu nakan rubuta: "Rufe robar sosai, ajiye a wuri mai sanyi, cinye cikin sati biyu."

23/ Ƙarshen lissafi: roba 32 suka fita, na mayar da kuɗin ɗaya, saura 31, N93,000 ke nan. Ragowar 8 sun daɗe, mu muka cinye a ɗaki. Ribata N3,000 kacal. Kuma ba zan ce duk rubutun ne ba, ƙarshen wata ya zo, kuɗi sun shigo wa mutane. Amma da tsohuwar tallar nan ban ga hanyar da zan kai 30 ba.

24/ Da na tura wa Yaya kuɗinsa ya kira ni ya ce, "Auta, har an gama?" Na ce, "Yaya, ba 'an' ba, ni na gama." Bai gane ba, ya yi dariya ya kashe.

25/ In kina da talla a Status yanzu haka, ko kai ma, buɗe ta. Ƙirga "an" da "za a" ka tambaye su wa. Karanta da ƙarfi ka yanke inda numfashi ya ƙare. Nemo "ɗan" da "wataƙila" ka ga wane farashi ko lokaci suke ɓoyewa. Mai so ya ajiye tasa a ƙasa, zan duba bayan na fito daga lacca.