Layukan da suka haɗu a tsakiyar hoto

Muna aji huɗu na sakandare malamar Hausa ta ba mu aikin gida a kan sana'o'in gargajiya. Kalmomi biyar ne a hagu, ma'anoni biyar a dama, kowa ya ja layi ya haɗa kalma da ma'anarta. Mu huɗu da muke zama a benci ɗaya muka yi ta wasa har daren Lahadi. Sai muka roƙi wani ɗan ajinmu ya ɗauki hoton nasa ya turo mana a wayar yayan ɗayanmu.

A hagu an jera: 1 fawa, 2 jima, 3 dukanci, 4 su, 5 koli. A dama kuma: A kamun kifi, B ɗinka takalma da jakunkuna da fata, C gyara ɗanyar fata har ta yi laushi, D sayar da ƙananan kaya irin su allura da madubi, E yanka dabbobi da sayar da nama.

Fawa da koli ba su ba mu wahala ba, su ma kowa ya san kamun kifi ne. Matsalar tana tsakiyar takarda. Layin jima ya gangaro kaɗan, na dukanci ya haura kaɗan, na su ya ratsa ta kansu, duka ukun suka haɗu a wuri ɗaya. Da fensir ya ja su, ba ko rula, ga hoton an ɗauka da dare. Wurin ya zama dunƙulen baƙi kawai. Muka bi layin jima da yatsa, da muka isa dunƙulen muka kama hanyar da ta yi sama, muka faɗa kan B. Dukanci ya tafi C.

Har dubawa muka yi, wai mu masu hankali. Muka ƙirga, kowace kalma tana da ma'ana ɗaya, babu wadda ta yi saura. Abin da ba mu gane ba shi ne, idan mutum ya saki layi a mararraba, amsoshi biyu ne suke musanya wuri, don haka ƙirga ba za ta nuna komai ba. Kuma B da C duk maganar fata suke yi, babu wadda ta yi kama da kuskure.

Ranar Laraba malama ta kira mu gaban aji. "Majemi ne yake ɗinka muku takalmi?" in ji ta. Majemi shi ne yake jiƙa fata, ya kankare gashin, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa. Sai ya gama baduku yake karɓa ya yanka ya ɗinka. Mai hoton ya ci biyar cif. Mu huɗu kuwa, da ta ga kuskure iri ɗaya a littafi huɗu, ko ukun da muka samu ba ta bar mana ba.

Yanzu a jami'a ma hotunan tsofaffin tambayoyi suna yawo, kuma mun canza yadda muke karanta su. Mukan rufe layukan da takarda mu fara da kalmomin da muka sani, mu rubuta amsa da lamba da harafi, kamar 1-E, 4-A, 5-D. Kalmomi biyu ne kawai za su rage, kuma su ne muke nema a ƙamus ko a littafin darasi. Bayan nan muke duba layukan mai hoton, domin layin da aka ja da hannu amsar wani ɗalibi ce, shi ma yana iya kuskure.

Idan dole sai mun bi layi, mukan aza gefen takarda a kansa tun daga inda ya faro. Hannu ba ya cika karya kwana a tsakiyar tafiya, layin da ya shiga mararraba yana gangarawa, a gangare zai fita. Da mun yi haka a daren nan, da mun ga layin jima ba shi da dalilin komawa sama. Sannan mukan sake bi daga dama zuwa hagu mu ga ko za mu dawo kan kalmar da muka baro.

Akwai hoton da wannan dabara ba ta yi masa aiki. Layin da aka goge yakan bar sawu, hoto kuma ya nuna shi kamar yana nan, sai a ga layi biyu sun fito daga kalma ɗaya. Wani layin kuma yakan tsaya a tsakanin ma'anoni biyu. Ƙara girman hoton ba ya taimakawa, domin WhatsApp yana rage ingancin hoto idan aka tura shi yadda aka saba. A nan sai mu ce a sake ɗauka da rana, waya tana kallon takarda daga sama, a turo ta Document. In kuwa mai littafin yana kusa, mukan ce ya karanto mana lamba da harafi da bakinsa.