Sannu Ba Ta Biyan Bashin Laifi

A wannan yanki namu, daga Bagauda zuwa Kwanar Ɗangora, har a miƙa Tudun Wada da Doguwa, akwai gidajen masu bi da yawa inda Hausa ce igiyar da ta haɗa miji da mata, alhali ɗayansu bai tsotse ta a nono ba. Noman rani da madatsar ruwan Tiga ta buɗe, da aikin koyarwa, da kasuwanci, sun kawo mana baƙi daga kudu, wasu kuma suka yi aure a cikinmu. Hausar da irin waɗannan 'yan'uwa suka koya a kasuwa takan ishe su ciniki da gaisuwa, har da waƙar sujada. Ranar da aka yi faɗa a gida ake gane iyakarta, domin harshen ciniki na umarni ne da gajarta magana, neman gafara kuwa yana bukatar taushi.

Wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu, mutumin Binuwai, mai gyaran injin ban-ruwa, ya auri 'yar wani ƙauye da ke bayan Tudun Wada. Wata rana suka saɓa a kan kuɗin masara, ya daka mata tsawa a gaban yaran shagonsa, ya ce ba ta iya lissafi ba. Kashegari ta goya ƙaramin ɗansu ta yi yaji. Ita ba ta jin harshensa, Turancinta kuma kaɗan ne, saboda haka dole da Hausa zai rubuta. Kafin ya aika, sai ya kawo mini wayar ya ce, "Baba, duba mini wannan." Ga abin da ya rubuta: "Sannu. In na bata miki rai sai ki yi hakuri mana. An yi kuskure, amma ke ma kin san halina. Dawo gida gobe."

Na san mutumin nan, na kuma ga idonsa a ranar. Zuciyarsa a karye take. Amma da saƙon ya isa hannunta a haka, da ta ɗauka sabon faɗa ya aiko mata.

Kalmar farko ma ta kauce. A Turanci, "sori" guda ɗaya tana ɗaukar kaya biyu: da ita ake jajanta wa wanda ya yi tuntuɓe, da ita kuma ake amsa laifi. Hausa ta raba su. "Sannu" ta mai kallo ce, wanda ya ga wahalarka ya tausaya, ba tare da yana da hannu a cikinta ba. Miji ya ce wa matar da ya kunyata "sannu", kamar yana jajanta mata wani abin da ya faɗo daga sama ne.

Inda na fi daɗewa da shi kuwa, a kan "sai ki yi haƙuri mana" ne, domin a nan yawancin masu koyon Hausa ke zamewa. "Ki yi haƙuri" magana ce mai fuska biyu tun asali. Takan zama roƙo, takan kuma zama umarnin a jure. Murya da fuska ne ke nuna wadda ake nufi, saƙon waya kuma ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Da ya sa mata "sai" a gaba, ya rufe ƙofar roƙon ke nan: "sai ki yi haƙuri" ita ake gaya wa wadda ta zo sayen taki ta tarar ya ƙare, wato babu abin da za a yi mata. "Mana" kuma a ƙarshe tana ɗauke da ƙosawa, irin ta mai cewa maganar ta ishe shi. Shi a zatonsa waɗannan ƙananan kalmomi ado ne da ke sa Hausarsa ta yi kama da ta 'yan gari. Haka yake jin su a bakin mutane, amma bai taɓa lura da lokacin da ake faɗinsu ba. Shawarata ga duk mai rubutu da harshen da ba nasa ba ita ce, kalmar da ba zai iya bayyana aikinta ba, ya bar ta. "Ai", "dai", "fa" da "mana" sun fi manyan kalmomi saurin juya magana.

Sauran kurakuran ba na harshe ba ne kaɗai, na ɗan Adam ne, sai dai Hausa ta ba su mafaka mai kyau. "In na ɓata miki rai" tana sa laifin cikin shakka, alhali mace tana gidan iyayenta kwana uku. "An yi kuskure" ba ta da mai aikatawa, kuma kuskure shi ne abin da ya kuɓuce wa mutum ba da niyya ba, kamar zuba gishiri sau biyu a miya. Tsawa a gaban yara laifi ne. "Amma" ta kwashe duk abin da ya gabace ta. "Dawo gida gobe" kuwa, ko yaron shago a kan sassauta masa fiye da haka.

Na tuna masa da ɗan nan da ya ɓace, a Luka sura 15. Tun yana ƙasa mai nisa ya shirya maganarsa, don haka babu abin kunya a zauna a tsara kalmomin tuba kafin a faɗe su. Abin da ya shirya gajere ne, ya sa kansa a matsayin mai laifi, bai ambaci yunwa ko miyagun abokai a matsayin hujja ba. Da ya isa kuma, bai kai ga faɗin sashen ƙarshe ba, inda ya so ya tsara wa mahaifinsa matsayin da za a ba shi. Yadda za a karɓe shi ya rage ga wanda aka yi wa laifi.

Ban rubuta masa ba, domin matarsa ta san Hausarsa, kuma da ta ga karin magana da zurfafan kalmomi za ta gane hannun wani ne. Tambayarsa kawai na riƙa yi: me ka yi, a gaban wa, me kake roƙo? Abin da ya fito daga bakinsa shi muka rubuta: "Uwar 'ya'yana, barka da yamma. Na yi miki tsawa a gaban yaran shago, na ce ba ki iya lissafi ba. Na kunyata ki. Laifina ne. Don Allah ki yafe mini. In kin yarda, zan zo ranar Asabar in gai da su Baba."

Ya so ya sa "na tuba". Kalma ce mai kyau, amma mun saba jin ta a addu'a da bakin yaron da ake horo, na ji tsoron kada ta karanta ta kamar wasa, sai muka tsaya a kan "ki yafe mini". Na sa shi ya karanta saƙon da ƙarfi sau biyu, musamman don "ki" da "ka", gama harshensa bai raba namiji da mace a nan ba, kuma yakan juya su in ransa ya tashi.

Jimlar ƙarshe ce ta fi ba shi wuya. Yana ganin saƙo ya isa ya dawo da ita. A al'adarmu kuwa wadda ta yi yaji bikonta ake zuwa, da ƙafa, sau da yawa tare da wani babba, domin iyayenta ma an taɓa su. Aikin saƙon shi ne ya share hanya, kada ya iske ƙofa a rufe. Amsarta ta zo bayan kwana biyu, kalma uku: "Allah ya kaimu." Ya sake kawo mini wayar a rikice, yana tambaya ko ta ƙi ne. Na ce masa ya nemi goro da dattijo ɗaya daga ikilisiya, su kama hanyar Tudun Wada da sassafe ranar Asabar.