Wasiƙar Kaka: Mun Gama Gyaran Gida, Sai Sallah

Karaye,
Alhamis, 27 ga Ramadan 1446,
27 ga Maris 2025.

Zuwa ga jikokina na Legas: takwarata, da maigidana, da auta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya ibada, ya karatu? Ina fatan babanku da mamanku suna ƙalau. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi, da yake azumin bana ya faɗo a bazara. 'Yar baffanku ce riƙe da biro, ni kuma ina faɗa mata, saboda idona ba ya son ƙananan rubutu yanzu.

Saƙon babanku ya iso cewa bana ma ba za ku samu zuwa sallah ba. Raina bai so ba, amma na san nisa da tsadar mota. Takwara, ke kika ce a waya in gaya miki yadda gidan ya koma, kuma kika tambaye ni me ya sa ƙasan ɗakina yake ja yana sheƙi alhali ba siminti ba ne, ba kuma leda ba. To ki zauna ki karanta wa ƙannenki, don amsar tana da tsawo.

Sunansa daɓe. Duk ɗakunan mutanen gidan nan an yi musu siminti, na matar baffanku har da tayil, nawa kaɗai na hana a taɓa. A wannan zafin, idan na yayyafa masa ruwa na shimfiɗa tabarma, duk yaran gidan nan suke tarewa har a kira magariba. Tun da aka kawo ni gidan nan daga Rogo a 1973, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, a kan daɓe nake kwana. Sai dai bara gefen ƙofa ya farfashe, tsakuwa ta fara fitowa tana cin ƙafa, shi ya sa na ce bana sai an sabunta shi. Ba mu bari azumi ya kama ba, tun cikin Sha'aban muka yi, domin ba aikin da mai ƙishirwa zai iya ba ne.

Da farko an fitar da komai, har gado. Samari suka sassare tsohon daɓen da fartanya suka kwashe, aka kawo sabuwar jar ƙasa mai tsakuwa a amalanke. Wurin zaɓen ƙasar nan ake cin nasara ko a faɗi. Idan laka ta yi mata yawa, tana bushewa za ta tsattsage. Idan kuma tsakuwa ce zalla, ba abin da zai riƙe ta, sai tsintsiya ta riƙa kwasarta kullum. Yadda nake gwadawa shi ne in jiƙa kaɗan in dunƙula a hannu. In ta dunƙulu ba ta manne mini a tafin hannu ba, ta yi. Aka baza ta a ɗakin, kaurinta kamar faɗin yatsu huɗu, aka daidaita, aka ɗan karkatar da ita wajen ƙofa don ruwan wanki ya san hanyar fita. Sannan aka yayyafa ruwa aka bar ta ta kwana ta sha.

A daren ne kuma muka jiƙa makuba. Maigidana, na san ba ka san ta ba, amma ka san ɗorawa, wadda ka taɓa shan garinta har bakinka ya yi rawaya. Garin na sha ne, kalwar ta daddawa ce, ɓawon nan kuwa da ake yarwa shi ne makuba. Ɗorawar bana sai yanzu take nuna, don haka da ta bara muka yi aiki, wadda 'yar'uwata ta aiko mini daga Rogo na ajiye a rumbu. Ana daddaka ɓawon a zuba a babbar tukunya, a cika da ruwa ya kwana. Mai sauri yana iya tafasa shi. Da safe za ka tarar ruwan ya yi ja ya doshi baƙi, sai a tace. Shi ne yake ɗaure ƙasar ya sa ta yi tauri, ruwa ba ya saurin cinta, kuma shi yake ba ta launin nan da kika gani. Inda ba a samu makuba ba akan jiƙa bagaruwa, irin wadda majema suke jima da ita, amma daɓenta ya fi duhu, ni kuma jan na fi so.

Da hantsi matan unguwa suka shigo gayya, kowace da maɗaɓinta. Itace ne mai faɗin ciki da mariƙi, an sassaƙa shi daidai hannu. Suka jeru a durƙushe tun daga ƙuryar ɗaki, suna bugu tare suna ja da baya zuwa ƙofa, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amsawa. Waƙar tana da aiki, ita take daidaita hannu, don in wata ta riga wata sai wuri ya yi tudu wani ya yi kwari. Ni aikina yayyafa ruwan makuba da tsintsiya a gabansu. Shi ma da awonsa. In ya yi yawa, ƙasa ta kama maɗaɓi tana ɗagowa, dole a dakata ta sha iska. In ya yi kaɗan, sai ki ga ƙura tana tashi, ƙasar ba ta haɗuwa. Kunne ne yake gaya miki an kusa: da fari bugun yana fita a dushe, in daɓe ya fara kamawa sai sautin ya koma tsaf-tsaf, hannu ya ji maɗaɓi yana dawowa. Na dama musu kunun tsamiya, aka yi ɗanwake, na raba goro.

Ba a gamawa rana ɗaya. Washegari an sake yayyafawa an sake bugu, don a rufe ƙananan tsagar da suka buɗe cikin dare, haka kuma rana ta uku. Daga nan aka rufe ƙofa da taga. Wannan ku riƙe shi da kyau: daɓen da iska ta busar da gaggawa ba ya ƙarko, a inuwa ake so ya bushe a hankali, kusan mako, ba mai takawa. Ɗan akuya ya faɗa mana ta ƙarƙashin asabari ya bar sawunsa a bakin ƙofa, sai da muka jiƙa wurin muka sake bugawa. Da ya bushe na shafe shi da ruwan makuba mai kauri da tsumma, na goge. Abin da yake sheƙin ke nan.

Bayan ƙasa sai bango. Baffanku ya fara toshe ramukan da damina ta yi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa, ya bari ta bushe, domin farar ƙasa a kan ɗanyen yaɓe rawaya take komawa. Mun jiƙa farar ƙasar ta kwana, muka tace da rariya, muka zuba ɗan ƙaro da aka narkar don kada ta riƙa bin rigar mutane, da ɗan bula kaɗan don farin ya fito. 'Yan matan gidan sun so su yi ta da kauri su huta, na hana. Mai kauri ɓamɓarewa take yi tun kafin babbar sallah. Tsararo-tsararo ake shafawa, a bari ta bushe, a sake. Lokacin da take jiƙe za ki ga kamar ba a yi komai ba, sai ta bushe ɗakin ya haskaka. Daga ƙasa zuwa gwiwa kuma muka zagaye da jar ƙasa, saboda nan ne ƙafa da tsintsiya suke ɓatawa.

A makon nan muka yi jere, da daddare bayan an sha ruwa. Na sauke kwanukan aurena duka. Tasoshi da tsamiya da toka ake wanke su, su fito jawur. Langa da fanteka da samira kuwa sabulu da soso mai laushi kawai, domin yashi yana kankare fentinsu, kuma duk inda ya kankare nan tsatsa take shiga ta huda. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowane da murfinsa, furen yana kallon mai shigowa. A zamanin da aka kawo ni, a jikin bango ake liƙa ƙananan farantai tun yaɓe yana ɗanye, tun daga kan gado har kusa da azara. Yanzu kabad ta karɓe wannan aikin. Ƙorena na fito da su na goge da alli, babbar da ta tsage gyartai ya ɗinke mini ita, na kife musu faya-fayai masu launi. Takwara, fantekar nan mai koren fure da kike so tana sama, na ce kada kowa ya zuba abinci a ciki, taki ce. An ɗaura wa gado mai rumfa sabon zanen da babanku ya sa aka sayo a Kantin Kwari, labulen ƙofa ma sabo ne, ruwan ganye. Ku yi masa godiya.

Waje kuma na maza ne, ban sa baki ba sai kallo. An gyara zankwayen zaure, wanda ya karye an ɗora shi, an sake fito da dagin da yake saman ƙofa da shuɗi da kore. An share ƙofar gida har bakin hanya, gobe za a zuba sabon yashi inda kakanku, Allah ya jiƙansa, yake shimfiɗa buzu yana karɓar gaisuwa. Baffanku ne yake zama a wurin yanzu. Garin ma ya ɗauki harama, ina jin masu dawaki suna ta gyaran kaya. Kun san tun 2019 aka yi wa Karaye sarki, bara aka rushe masarautun, sannan aka dawo da tamu da ƙasar Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Ga shi garin da aka haife ni da garin da aka kawo ni sarki ɗaya suke yi wa hawa.

Abin da ya rage sai turaren wuta da ƙunshi. Na haɗa turaren, yana cikin kwalba, daren sallah za a sa a kasko a zagaya ɗaki-ɗaki. Lallen 'yan mata an daka an tankaɗe. Muna sauraron sanarwar Sarkin Musulmi, ko Lahadi ko Litinin.

'Yar baffanku za ta ɗauki hoton ɗakin ta tura wa mamanku, ku duba ƙasan da kyau. Na ba direban da yake zuwa wajenku ƙullin kaya: daddawa, da kuka, da mazarƙwailar Rogo ta auta, da faifai biyu na takwara, ki rataya a ɗakinki ranar sallah. Maigidana, kai kuma ina jiran goron sallata, kada ka ce nisa ya hana. Ku roƙi babanku ya kawo ku hutun ƙarshen shekara, lokacin an gama kaka ƙasa ta bushe. Ɗakin baƙi yana son daɓe, na ware makubarsa, kuma na sa an sassaƙa ƙaramin maɗaɓi daidai hannun takwara.

Ku gaishe da babanku da mamanku. Baffanku da iyalinsa da duk mutanen gida suna gaishe ku. Allah ya karɓi ibadunmu, ya yi muku albarka, ya nuna mana sallah lafiya.

Ni ce taku,
Kakarku ta Karaye.