Kafin ka leƙa fuskar kalkuleta

'Yan uwa da ke karatu a nan kudu, musamman waɗanda ke haɗa kuɗin abinci da abokan ɗaki, ku ɗan ba ni minti biyar. Abin da ya same ni ranar Asabar a kasuwar Bodija ne zan ba ku labari.

Mu huɗu ne muke tukunya ɗaya tun da na fara digiri na biyu a nan Ibadan. Duk farkon wata kowa ya kawo dubu goma sha biyar, ya zama dubu sittin, mutum ɗaya ya je ya yo cefane. Wannan watan ni abin ya faɗo wa. Kun san kuɗin haɗaka ba kamar naka ba ne. In naka ya ɓace ka yi tsaki ka wuce. In na mutane ne, ko ba wanda ya ce uffan, kai da kanka za ka ji kamar ana kallonka. Na taɓa dawowa da giɓin dubu huɗu da na kasa bayaninsa, na cike daga aljihuna, na yi sati ina jiƙa gari. Tun daga ranar na ɗauki wata ɗabi'a: ba na yarda in ga jimilla sai na riga na faɗa wa kaina nawa ya kamata ta kai.

Wajen wani dattijo ɗan gida nake saye, mutumin kirki, yana da yaro mai riƙe masa kalkuleta. Na ɗauki shinkafa kongo 7 a kan 2,850 (sabbin zuwa, a nan da kongo ake awo, ku manta da mudu da tiya), wake kongo 4 a kan 2,300, garin rogo kongo 6 a kan 950, manja kwalba 3 a kan 1,900, sai taliya leda 12 a kan 1,150.

Ana ɗaure kaya ni kuma ina lissafi a kai, amma ba lissafin ƙwaƙƙwafi ba. Ina yar da sifilai uku, ina ƙirga da dubu-dubu kawai. Shinkafa na ɗauke ta a uku, sau bakwai 21. Wake biyu da ɗan abu sau huɗu, 9. Gari kusan ɗaya sau shida, 6. Manja kusan biyu sau uku, 6. Taliya 12, sai ɗari da hamsin ɗin da ke kan kowace leda ya tara kusan biyu, 14. Na haɗa: 21 da 9 talatin, da 12 arba'in da biyu, da 14 hamsin da shida. Kuma na san yawancin farashin sama na ja su, don haka gaskiyar kuɗin tana ƙasa da 56, ba za ta haura ba. Wato in na ba da dubu sittin, canjina ba zai gaza dubu huɗu ba.

Yaron ya gama latse-latsensa ya juyo min da kalkuleta: 63,550.

To ku lura da wani abu a nan. Da ban riga na riƙe 56 a kaina ba, wallahi 63,550 ba za ta ba ni mamaki ba. Kaya sun yi tsada, lambar ta ƙare da 550 kamar wadda aka lissafa da kyau, kuma na'ura ce ta faɗa. Abin da zan yi kawai shi ne in ce a rage taliya, in koma ɗaki in ce musu kasuwa ta tashi. In ka fara ganin lambar kafin ka yi kiyasi, ƙwaƙwalwarka sai ta koma neman hujjar da za ta gaskata ta. Shi ya sa dole kiyasin ya riga kallon.

Ban ce an cuce ni ba, don ban san haka ba. Na dai ce, "Baba, a ɗan sake duba mana, kamar lissafin ya yi sama."

Ya ce, "Malam, ai inji ne ya buga."

Na ce, "Haka ne Baba, amma ina ganin wake ya shiga sau biyu."

Ga yadda na gane wake ne. Na koma na gyara kiyasina ya matso kusa da gaskiya. Shinkafa na ƙara mata 150 a kan kowane kongo, sau bakwai ya haura dubu ɗaya, don haka 20 ce ba 21 ba. Gari da manja na ƙara wa kowannensu ɗari uku. Sai 56 ta sauko wajen 54 da rabi. Tsakaninta da 63 da rabi akwai tara. Sai na tambayi kaina, wane kaya ne kuɗinsa tara? Wake. Yawanci giɓin da kansa yake nuna maka inda kuskuren yake. In ya yi daidai da kuɗin wani kaya, an buga shi sau biyu, ko an tsallake shi idan jimillar ƙasa ta yi. In kuwa lambar ta ninka abin da kake zato kusan sau goma, sifili ne ya ƙaru, kuma wannan ya fi faruwa wajen tiransifa, lokacin da kake sauri ana jiranka.

Yaron ya sake bugawa ɗaya bayan ɗaya muna kallo: 19,950, da 9,200, da 5,700, da 5,700, da 13,800. Ya fito 54,350. Bambancin 9,200 cif. Ashe lokacin da yake kan wake wata mata ta tambaye shi farashi, ya juya ya amsa, da ya dawo ya sake buga shi. Baba ya yi salati, ya yi wa yaron faɗa, na ce a yi masa haƙuri, ni ma da hannuna na sha yin irinsa.

Amma kada wani ya ɗauka dabarar tana kama komai. Kiyasina na farko ya kauce wa gaskiya da 1,650. Ma'ana duk kuskuren da bai kai haka ba zai iya wucewa ta gabana ban gani ba. Da yaron ya ƙara min ɗari biyar, kiyasi ba zai ce komai ba. Wannan sai an bi layi-layi. Aikin kiyasi shi ne ya gaya maka ko akwai dalilin tsayawa a bi layin. Kuma inda ya fi ruɗar mutum shi ne kayan da ke da yawa. Ɗari da hamsin a kan abu ɗaya ba komai ba ne, amma da na yar da shi a kan taliya leda goma sha biyu, da na ɓatar da 1,800 a wuri guda, in zo ina zargin bawan Allah a banza. Abu ɗaya ko biyu ka daidaita farashinsa yadda ka ga dama. Abin da ya kai dozin, ka waiwayi ɗan guntun da ka yar. In ka ja wani sama, ka yi ƙoƙarin jan wani ƙasa, in kuma duk gefe ɗaya ka ja su, ka riƙe a ranka ta wane gefe ka karkata.

Abin dariya ma, ni da nake fama da alƙaluman bincike a kwamfuta kullum, ba a aji na koyi wannan ba. Wajen mahaifiyata na gani, wadda in aka aike mu kasuwa take faɗin canjin da za mu dawo da shi tun kafin mu saka takalmi.

Da na fito na tsaya wajen mai kayan miya, na ɗauki tumatir na 1,500, attaruhu na 800, albasa ta 1,200. A kaina uku da rabi. Ya ce in kawo 2,300. Na ɗan yi jim, ba zan ɓoye muku ba, don dubu da ɗari biyu kuɗin mota ne har da saura. Na ce, "Ɗan uwa, ka manta albasa." Ya dafe kai, ya karɓi kuɗinsa, ya ƙara min lawashi gyara.

Na iso ɗaki da 2,150 kafin a cire kuɗin mota, na rubuta komai a bayan kwalin taliya na liƙa a jikin ƙofa. Wata mai zuwa Bafulatanin ɗakinmu ne zai je, kuma tun yanzu ya ce sai dai in raka shi.