Ƙiyasi Kafin Almakashi

Tela yana bukatar 2/3 na yadi domin hannuwan riga, da 3/4 domin wuya da aljihu. Mai gaggawa sai ya tara lambobin sama daban, na ƙasa daban, ya sami 5/7. In aka yanka yadi a kan wannan amsa, an yi asara, domin abin da almakashi ya raba ba ya komawa yadda yake.

Ƙiyasi kaɗai ya isa ya tona kuskuren. Sulusi biyu ya fi rabi, rubu'i uku ma haka, don haka jimillarsu dole ta haura yadi ɗaya. Kowannensu kuma bai kai ɗaya ba, saboda haka ba za ta kai biyu ba. Amma 5/7 ko ɗaya bai cika ba.

Tushen kuskuren shi ne sulusi da rubu'i ba girmansu ɗaya ba. Sai an mayar da su ma'auni guda, wato lambar da 3 da 4 suke raba ta ba saura: 12. Nan 2/3 ya zama 8/12, 3/4 ya zama 9/12, jimilla 17/12, wato yadi ɗaya da 5/12. Amsar ta faɗa tsakanin ɗaya da biyu.

Sai dai ƙiyasi yana da iyaka, domin 16/12 ma zai tsallake shi. A nan tef ɗin awo ke raba gardama. Yadi inci 36 ne, don haka inci 24 da 27 sun ba da 51, daidai da 17/12 na yadi.