Maganar da na yanke a minti na tara

Bara, da yayata likita ta karye a hannun dama, na yi mako uku ina zame mata alƙalami. Idan mara lafiya ya fita, sai ta faɗi abin da ta ji da abin da ta gani a cikin waya, ba tare da ambaton suna ba. Da dare ni kuma in mayar da shi rubutu, ta karanta ta gyara kafin ya shiga fayil. Na ɗauka aikin jarida ne sak, wato a saurari hira, a zubar da dusa, a bar tsaba.

Takardar da likitoci ke kira tarihi da gwaji tana da jeri sananne. Ana farawa da abin da ya kawo mutum, cikin kalmominsa, da tsawon lokacin da ya yi yana fama da shi. Sai labarin ciwon daga farkonsa zuwa yau, sai cututtukan baya, magungunan da yake sha da waɗanda jikinsa ba ya karɓa, tarihin dangi da yanayin rayuwa. Duk wannan abin da aka faɗa wa likita ne. Bayansa ne ake rubuta abin da ita kanta ta gani, ta taɓa, ta auna, sannan abin da take zato da matakin da za a ɗauka. Amfanin jerin shi ne, likitan da bai taɓa ganin mara lafiyar ba ya san inda zai kai idonsa da tsakar dare.

Baki kuwa ba ya bin jeri. Wata rana Yaya ta turo mini sauti na minti 11 a kan wata dattijuwa mai shekara 58. Ta fara da awon jini, 168 bisa 96, da bugun zuciya 104 a minti, ta koma kan kumburin ƙafa, ta tsallaka zuwa hawan jinin da matar ta shekara shida tana shan magani a kansa. Da farko ta ce numfashi ya soma yi mata wuya kwana uku da suka wuce. Can gaba ta ce 'yar matar ta gyara, mako shida ne, a kwana ukun nan dai ya tsananta har ba ta iya kwanciya sai da filo uku. A nan na koyi in saurari sautin har ƙarshe kafin in rubuta ko kalma ɗaya, domin gyara yakan zo nesa da kuskuren da yake gyarawa. Da na rubuta kwana uku kawai, da ciwon da ya zo sannu a hankali ya koma kamar na farat ɗaya.

A minti na tara, tana tsakiyar bayanin abin da ta ji a ƙirji, Yaya ta ce matar ta yi ƙorafin ciwon gwiwa, kuma wata biyu ke nan tana sayen dikulofinak a kemis. Na ga gwiwa ba ta da haɗi da numfashi, sai na yanke. A wurin da ya kamata a yi maganar ciwon ƙirji kuma na ga giɓi, sai na cike shi da "babu ciwon ƙirji", don takarda ta cika.

Da ta karanta, sai ta ajiye wayar ta ce, "Ƙanena, ina maganin gwiwar?" Ta bayyana mini cewa irin wannan magani yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, yana ɗaga hawan jini, yana kuma tsananta gazawar zuciya, wadda ita ce take zato. Wata biyu na shan magani, mako shida na wahalar numfashi: jerin lokacin kansa hujja ne. Muhallinsa sashen magunguna, ko da ba likita ne ya rubuta shi ba, kuma dakatar da shi na cikin matakan farko. Da takardar ta tafi yadda na rubuta ta, likita na gaba zai ba da maganin fitar da ruwa, matar kuma ta ci gaba da shan abin da ke tara shi.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mata rai. "Na ce babu?" Ba ta ce ba. A takardar likita, "babu" na nufin an tambaya an ce babu, kuma mai karatu zai dogara da ita ya kawar da wata cutar daga zato. Abin da ba a ambata ba, alama ake sa masa a mayar wa likita da tambaya. Washegari ta kira 'yar matar ta tambaya.

Daga ranar na sauya hanya. Nakan rubuta kowace jimla yadda aka faɗe ta, in kai ta sashenta, in ƙirga ko akwai wadda ta rasa gida. Wadda ta rasa, nakan jera ta a ƙasan takarda, Yaya ta yanke hukunci a kanta.